An ce in yi wa yaran da jarrabawa ta kayar jawabi ranar Asabar, me zan faɗa musu?

Malam Mai Alli:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta tara yaran da suka gama sakandare bana amma sakamako bai yi musu kyau ba, sun kai sittin, maza da mata. Wasu WAEC da NECO ne suka ba su ruwa, wasu JAMB. An ba ni minti talatin ranar Asabar in ƙarfafa musu gwiwa kada su watsar da karatu. Na koyar da yawancinsu, na san iyayensu, kuma ba na son in tsaya in yi ta cewa "ku yi haƙuri" su tashi yadda suka zo. Don Allah wanda ya taɓa yin irin wannan ya ba ni shawara.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ba da lada. Ka ba su labarin manyan mutanen duniya da suka faɗi sau da yawa kafin su yi nasara, irin Baturen nan da ya ƙirƙiro ƙwan lantarki. Yara suna son irin wannan, za ka ga sun yi ta tafi. Sai ka rufe da cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Tsohon Firinsifal:
Abu Sadik, tafi za su yi, wannan gaskiya ne. Amma na daɗe ina tsayawa gaban irin waɗannan yara, kuma na lura tafin yana ƙarewa a bakin ƙofar ɗakin taro. Yaro ya koma gida, takardar sakamakon tana nan a ƙarƙashin katifa da D7 ɗinta, bai san abin da zai yi da ita ranar Litinin ba.

Malam Mai Alli ɗana, ka aika musu tun yau cewa kowa ya zo da takardar sakamakonsa, ta WAEC da ta NECO da ta JAMB, da biro. Wannan ne rabin jawabinka. Dalili kuwa, cikin sittin ɗin nan za ka tarar kalmar "na faɗi" tana rufe abubuwa daban-daban. Akwai wanda darasi ɗaya tak ya rasa, akwai wanda idan ya haɗa takardunsa biyu ma ya riga ya ci bai sani ba, akwai wanda aka riƙe sakamakonsa, akwai kuma wanda da gaske sai ya koma ya sake gini daga tushe. Idan ka yi musu magana iri ɗaya, ka cuci uku daga cikin huɗun.

Ka fara da nuna musu tazarar da ke tsakaninsu da abin da suke nema. Abin da jami'o'i suka saba nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Kiredit yana farawa daga C6 ya hau zuwa A1. D7 da E8 wucewa ne amma ba kiredit ba, F9 ce faɗuwa. A ma'aunin da aka saba bayyanawa na WAEC, C6 tana farawa daga maki 50, D7 kuma daga 45 zuwa 49. Ka rubuta wannan a allo da girma. Yarinyar da ta kwana uku ba ta ci abinci ba saboda D7 a Turanci, ta ga da idonta cewa abin da ya raba ta da kiredit bai wuce maki biyar cikin ɗari ba. Wannan ya fi kowane labarin Bature ɗaga mata kai, domin nata ne, a hannunta yake.

Daga nan sai ka yi musu aikin haɗa sakamako a fili, don a nan ne na ga an fi yin asarar shekara. Bari in ba ka misalin wata ɗalibata, ka canza abin da za ka canza ka yi amfani da shi. Aikin jinya take so, wato tana bukatar Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A WAEC ta samu C6 a Lissafi, C5 a Bayoloji, C6 a Kemistiri, amma Turanci D7, Fiziks E8. A NECO kuma Turanci ya fito C6, Bayoloji C6, sai dai Lissafi, Kemistiri da Fiziks duk D7. Ta zauna da yayanta suka lissafa: Turanci daga NECO, Lissafi da Bayoloji da Kemistiri daga WAEC, saura Fiziks kawai. Sai ta yi rajistar jarrabawar ƙarshen shekara ta zuba ƙarfinta duka a kan Fiziks, sauran darussan ta shiga ta fito kawai. Ta kuwa ci, C4 ta samu. Ranar tantancewa aka ce mata takardunta uku ne, kuma biyu ake karɓa. Na ga yarinyar nan zaune a dakalin ofishina, takardun uku a cinyarta, tana jera su tana sake jerawa ko za su zama biyu.

Abin da ya kamata a faɗa mata tun farko shi ne ta zaɓi takarda ɗaya ta zama ginshiƙi, sannan sabuwar jarrabawar ta cike duk abin da waccan ɗayar ta rasa. Idan ta riƙe WAEC, darussa biyu ke gabanta, Turanci da Fiziks. Idan ta riƙe NECO, uku ne, Lissafi da Kemistiri da Fiziks. Ka ga WAEC ce ta fi mata sauƙi, kuma kiredit ɗin Turancin da ke cikin NECO sai ta manta da shi ta sake nemansa. Ka sa kowane yaro ya yi wannan lissafi a bayan takardarsa kafin ya tashi: wace takarda ce ginshiƙina, darasi nawa ya rage min a kanta. Mai son likitanci kuma ka gaya masa gaskiya, jami'o'i da yawa zama ɗaya suke nema a wannan kwas, ya duba ƙasidar JAMB ya ga sharaɗin jami'ar da yake so.

Sai ƙofofin da ke buɗe. NECO tana da ta masu zaman kansu wajen Nuwamba da Disamba. WAEC tana da ta masu zaman kansu sau biyu, ɗaya a farkon shekara, ɗaya a ƙarshenta. Akwai NABTEB ga waɗanda suka yi ɓangaren fasaha da kasuwanci. Kafin Asabar ka shiga shafukan hukumomin da kanka ka kwafo ranar rufe rajista da kuɗin bana, ka rubuta a allo. Kada ka faɗi kuɗi daga ka, yana canzawa.

Malam Mai Alli:
Baba, Allah Ya saka da alheri, wallahi wannan maganar zama uku ni kaina ban taɓa yi wa ɗalibai bayaninta haka ba. Abin da nake tsoro ɗaya ne. Idan na ce su fito da takardunsu a gaban juna, ba na tona musu asiri ba? Akwai yaron da F9 huɗu gare shi, ko zuwan ma da ƙyar aka shawo kansa.

Tsohon Firinsifal:
Ka yi tunani mai kyau. Kada kowa ya karanta nasa da ƙarfi, kada ka ce a ɗaga hannu. Misalinka yana allo, kowa ya duƙa a kan tasa. Ka samu abokan aikinka biyu ko uku, har da mace, su zauna a baya, wanda ya rikice ya same su bayan taro shi kaɗai.

Anti Nas:
Ni abin ya taɓa faɗa min, don haka bari in yi magana a madadin waɗanda za su zauna a kujerun baya sun sunkuyar da kai. Sau biyu Lissafi yana kayar da ni. Na farko E8, na biyu D7. A tsakanin nan ƙawayena sun tafi makaranta, ni ina gida ina wanke-wanke, duk bikin da na je sai an tambaye ni "ke har yanzu?" Abin da ya fi min ciwo ba faɗuwar ba ce, a'a, yadda gidanmu aka daina maganar karatuna kwata-kwata, kamar an yi rasuwa an share makoki. Goggona ta fara kawo maganar wani mai shago.

Malam, ba wa'azin haƙuri ne ya tashe ni ba, haƙurin ina da shi har ya yi yawa. Wani malamin unguwarmu ne ya ce in kawo masa tambayoyin shekarun baya, ya zaunar da ni na amsa takarda ɗaya cur da agogo a gabana, ya duba ya ba ni maki. Da ya gama ya ce, "Ke ba Lissafi ne ba ki iya ba. Kina rubuta amsa ba ki nuna hanya, kuma duk tambayar da ta zo da zane tsallake ta kike yi." Ashe a takarda ta biyu ana ba da maki a kan matakan aiki, ko amsar ƙarshe ta kuskure kana iya tsira da wani abu idan hanyarka daidai ce. Ni kuwa a gefen takardar tambaya nake lissafina, in kwafe amsa kawai cikin littafin amsa. Shekara biyu ina zubar da maki a kwandon shara ban sani ba. Wata uku muka yi a kan nuna aiki da tambayoyin zane, na je na samu C5.

Don haka idan za ka ce musu su dage, ka haɗa da cewa dagewa ba maimaita abin da ka yi bara ba ne. Wanda ya karanta littafin nan daga bango zuwa bango ya faɗi, idan ya sake karanta shi haka, abin da ya samu zai sake samu. Sai ya nemo inda makin ke zuba.

Kuma don Allah ka roƙi ƙungiyar ta gayyato iyaye, ko da iyaye mata goma ne. Yarinya tana iya fita daga taronka da wuta a zuciyarta, amma ba ita ke da kuɗin rajista ba, ba ita ke yanke hukunci ba.

Baban Yara:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa. Ɗana ya duba nasa, darussa bakwai sun fito, amma Turanci da Bayoloji babu komai a gurbinsu, an rubuta wani abu da Turanci. Makarantar ta ce mu jira. Wata biyu ke nan muna jira. Shin faɗuwa ya yi suke ɓoye mana? Uwarsa ta ce in sake biya masa, ni kuma buhun masara biyu na sayar na biya na farkon.

Ɗan Kafe:
Baba, a duba kalmar da aka rubuta, don ba ɗaya ba ne. Idan `OUTSTANDING` ce, galibi ba a kammala aikin takardar ba ne ko an samu matsala a bayanansa, kuma yakan fito. Idan `HELD` ce ko `WITHHELD`, an riƙe ne ana bincike kan zargin maguɗi, wani lokaci ma ba laifin yaron ba, ɗakin jarrabawar gaba ɗaya ake zargi. Kwamitin hukumar ne ke zama ya yanke, ko a saki ko a soke. Idan kuma `ABSENT` aka sa alhali ya zauna, wannan sai shugaban makaranta ya rubuta wa hukumar da shaidar rajistar halarta. Ku je ku ce a nuna muku kwafin wasiƙar da makarantar ta aika, kada ku tsaya a "ku jira" ta baki. Shawarata, idan riƙewa ce kuma rajistar ƙarshen shekara ta kusa rufewa, in da hali a yi masa, don ba wanda zai ba ku tabbacin ranar da za a saki.

Malam, ni kuma ta JAMB zan yi maka, tunda a shagona yaran garinmu ke buga sakamako, ina ganin fuskokinsu lokacin da takarda ke fitowa daga firinta. Ka fara gaya musu ba su kaɗai ba ne. A 2025, cikin mutum fiye da miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A shekarar ce ma aka gano matsalar na'ura ta shafi mutum 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya ba da haƙuri yana hawaye, aka sake musu jarrabawa.

Sannan ka sauko musu da makin ƙasa, su gan shi a matsayin tambayoyi. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku. Wato daƙiƙa 40 ke kan kowace tambaya. Kowane darasi maki 100 ne, ka ga a ƙiyasce tambaya ɗaya a darasi mai 40 tana ɗauke da maki biyu da rabi. Yaron da ya samu 168 yana neman 200, maki 32 ya rage masa, kusan tambaya 13 ke nan, huɗu ko biyar a kowane darasi cikin ukun. Idan ka ce masa "ƙaro maki 32" sai ya ga dutse. Idan ka ce "ƙaro tambaya biyar a Kemistiri cikin wata shida" sai ya ga abin da zai iya.

Kuma da yawansu ba ilimi ne ya kayar da su ba. Wallahi na ga yaro mai ƙoƙari da ranar jarrabawa ce ranar farko da ya zauna gaban kwamfuta da kansa. Minti ashirin ya ɓata yana kokawa da linzami, alhali da maɓallan A, B, C, D zai zaɓi amsa, `N` ya ci gaba, `P` ya koma baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Su riƙa gwaji a kwamfuta da agogo, ko sau ɗaya a mako, kuma su yi jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, amma na WAEC da NECO ba ya lalacewa, don haka wanda kiredit ɗinsa ya cika ya kwantar da hankalinsa, abu ɗaya ke gabansa.

Abu Sadik:
To ai ka ga Ɗan Kafe ya kawo hujja. Ko WAEC ma a 2025 da farko ta ce kashi 38.32 ne suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen makin, kashi 62.96 ne. Malam ka gaya wa yaran nan ba laifinsu ba ne, tsarin ne ya lalace.

Malama Mai Turanci:
Alkaluman da ka kawo haka suke, Abu Sadik, kuma darasin da ke ciki shi ne duk wanda ya duba sakamako sau ɗaya ya sake dubawa kafin ya yanke ƙauna. Amma ban yarda a ce musu "ba laifinku ba ne" a tsaya nan ba. Wanda aka gaya wa haka ba shi da abin gyarawa, sai ya zauna jiran tsari ya gyaru. Ko bayan gyaran ai fiye da kashi ɗaya cikin uku ba su samu ba.

Ni ina makin takardun yara, kuma in gaya muku inda Turanci ke kashe 'ya'yanmu. Ba a insha'i kaɗai ba ne, a taƙaitawa ne. An ce yaro ya taƙaita cikin jimla, sai ya kwafo layin nassin sukutum ya ajiye, ko ya rubuta guntun magana da ba jimla ba, maki ya tafi. A insha'i kuma ana neman kalma wajen 450, sai ya haddace wata wasiƙa daga gida ya zo ya juye ta ko ta dace da tambayar ko ba ta dace ba. Ga takardar furuci da yawancin makarantunmu ba a koyar da ita sai saura mako biyu. WAEC tana wallafa rahoton manyan masu maki a shafinta, darasi bayan darasi, inda suke faɗin kurakuran da ɗalibai suka yi a kowace tambaya. Kyauta ne. Malam, ka buga shafi biyu na Turanci da biyu na Lissafi ka raba musu, su ga cewa mai makin da kansa ya faɗi abin da yake so.

Kuma ka faɗa musu adadi. "Ku yi karatu sosai" ba umarni ba ne. Insha'i ɗaya da taƙaitawa ɗaya a mako, a kai wa wani malami ya duba da jan biro, wannan umarni ne. Wanda ba a duba masa rubutu ba, kuskurensa yake ƙara haddacewa.

Na Bakin Kasuwa:
Ni fa a ganina duk wannan wahala ce. Akwai makarantun da idan ka biya ka yi rajista a can, ba a faɗuwa. Kowa ya san su. Yaron da ya faɗi sau biyu a kai shi can kawai a huta.

Tsohon Firinsifal:
Subhanallahi. Ɗan'uwa, ka koma sama ka karanta halin da Baban Yara ke ciki. Irin waɗannan wurare su ne aka fi riƙe wa sakamako, a soke na ɗaki guda, kuɗin ya tafi, shekara ta tafi. Wanda ya tsallake kuma, na gan su suna dawowa daga jami'a bayan shekara ɗaya an kore su, da A1 a Kemistiri ba su iya daidaita lissafin sinadari mafi sauƙi ba. Malam Mai Alli, ka taɓo wannan a jawabinka kai tsaye, domin ina tabbatar maka a cikin sittin ɗin nan akwai waɗanda an riga an kai musu tayin. Kada ka yi shi da zagi. Ka ce ka san ana zuwa musu da shi, ka faɗi abin da ke biyo baya.

Alaramma na Unguwa:
Ina tare da ku a kan lissafi da dabaru, amma kada a cire Allah a cikin maganar. Yaron da zuciyarsa ta karye ba ya jin alkalami sai an fara ɗaure masa ita. A tuna musu ƙaddara, cewa abin da ya same su ba zai taɓa kuskure musu ba, kuma jinkiri ba hani ba ne.

Anti Nas:
Allah Ya gafarta Malam, gaskiya ne, kuma addu'a ce ta riƙe ni a waɗancan shekaru. Sai dai a yi hattara da yadda za a faɗa. Ni da kalmar ƙaddara aka so rufe maganar karatuna, aka ce "Allah bai yi za ki yi boko ba."

Alaramma na Unguwa:
Wanda ya faɗa miki haka ya yi wa ƙaddara mummunar fahimta, 'yata. Ba wanda ya san abin da aka rubuta masa gobe. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. A faɗi biyun tare. Ni dai ina ganin da wannan ya kamata a buɗe, kafin a zo kan allo.

Malama Mai Turanci:
Ni kuma da zan so a ajiye shi zuwa ƙarshe, bayan kowa ya ga hanyarsa a takarda. Idan aka buɗe da shi, yaran za su ɗauka irin jawabin da suka saba ji ne, su rufe kunne tun minti na farko.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ni na ɗauka bikin ba da kyauta ne ga waɗanda suka ci, har na fara rubuto muku yadda muke yi. Da na karanta sai na gane. Mu nan wanda BAC, jarrabawarmu ta gama sakandare, ta kayar yakan koma aji ya maimaita shekara, ko ya sake zama a matsayin mai zaman kansa. Abin da na gani shi ne wanda ya koma cikin aji ya fi wanda ya zauna gida shi kaɗai samun nasara, saboda kaɗaici ke cinye mutum. Ko ba za su koma aji ba, ku haɗa su rukuni-rukuni.

Ɗan Kafe:
Wannan magana ce. Kuma Malam, kada ka manta da waɗanda kiredit ɗinsu ya cika amma JAMB ta ƙi. Akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, ana yin ta kusan shekara guda, wanda ya samu maki mai kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. ABU tana da makarantar share fage a Funtuwa. Sai dai a tabbatar cibiyar da za a shiga tana da izini, don akwai na bogi. Wani kuma makinsa ya isa kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha, canjin makaranta ko na kwas kawai zai yi, amma ya ƙi saboda abokai. Wani ma ba a ba shi gurbi ba ne don bai ɗora sakamakon WAEC ɗinsa a shafin JAMB ba, yana zaune yana cewa an yi masa rashin adalci.

Na kuma ji sanarwar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta yi a Oktoban 2025 cewa kiredit a Lissafi bai zama dole ba ga masu neman kwasa-kwasan adabi da makamantansu. To ka ga masu D7 a Lissafi sun huta.

Tsohon Firinsifal:
Sanarwar an yi ta, amma "sun huta" ta yi yawa. Masu kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa har yanzu sai da shi, kuma zama jarrabawar Lissafin bai faɗi a kan kowa ba. Ni ba zan ce wa yaro ya jingina shekararsa a kan sanarwa ba sai ya ga abin da jami'ar da yake nema ta rubuta a sharuɗɗanta na wannan shekara. Ga kuma gaba, wajen neman aiki ko ƙarin karatu, inda za a iya sake tambayarsa.

Malam Mai Alli:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Ga yadda na tsara. Zan buɗe da cewa, "Na san wasunku ba su so zuwa ba. Na san akwai wanda tun da sakamako ya fito bai bi ta ƙofar makarantar nan ba don kada ya haɗu da ni. Ni ne na koyar da ku, don haka takardar da ke aljihunku da sunana a cikinta. Ku fito da ita mu duba tare." Daga nan minti goma a allo kan ginshiƙi da abin da ya rage, da misalin ɗalibar Baba. Minti biyar kan lissafin Ɗan Kafe. Anti, idan za ki yarda ki turo min labarinki da muryarki in kunna musu, ya fi in faɗa da bakina. Na yi magana da shugaban ƙungiya, ya amince a kira iyaye, kuma za a ba mu aji biyu kowace Asabar da Lahadi har zuwa jarrabawa.

Maganar Alaramma da Malama kan inda za a sa ƙaddara, har yanzu ina juya ta. Wanda kuma ya fi tsaya min a rai shi ne yaron nan mai F9 huɗu. Lissafin maki biyar ba nasa ba ne, kuma na san karatun Turancin ma da ƙyar yake haɗa shi. Ban san ko in ce ya sake zama bana ba, ko in ce ya ba kansa shekara.

Malama Mai Turanci:
Kada ya zauna bana, kuɗin zai ƙone ne. Ka ba shi sakin layi ɗaya daga littafin aji uku na ƙaramar sakandare ya karanta maka a keɓe, ka tambaye shi abin da ya fahimta da Hausa. Daga nan za ka san daga inda za a fara.

Tsohon Firinsifal:
Ni ina tsoron shekara guda babu jarrabawa a gabansa, kasuwa za ta ɗauke shi ba zai dawo ba. Ka dai zauna da mahaifinsa kafin Asabar.

Anti Nas:
Zan turo muryar yau da daddare in sha Allahu, bayan na tashi daga aiki. Ka tambayar min ko 'yan matan nawa ne a cikinsu.